Rahoton COT na mako-mako da kasuwar zinare: tambayoyi da amsoshi

Duk ranar Juma'a, hukumar CFTC da ke sa ido kan cinikin kwantiragin gaba a Amurka takan fitar da rahoton da ake kira Commitments of Traders, a taƙaice COT. Masu sharhi kan zinare suna yawan ɗauko adadi guda daga cikinsa su ce "manyan 'yan kasuwa sun ƙara saye", daga nan su yanke hukunci. Wannan adadi guda, wanda ake kira ragowa, shi ne ya fi ɓatar da masu karatu, domin ba ya faɗin komai sai an warware shi an ga abin da ke ƙunshe a ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu fara karanta rahoton.

Mene ne ainihin abin da rahoton yake ƙirgawa?

Yana ƙirga kwantiragin da ke buɗe, wato waɗanda aka ƙulla ba a warware ba tukuna, sannan ya nuna irin mutanen da ke riƙe da su. Kwantiragin gaba alkawari ne na saye ko sayar da kaya a wani wata mai zuwa kan farashin da aka yanke yau. Na zinare a kasuwar COMEX, wadda ke ƙarƙashin CME Group, oza 100 ne kowane guda. Ozar da ake auna zinare da ita ta ɗan haura giram 31, don haka kwantiragi ɗaya kilo uku ne da ɗan ɗoriya, kuma tan ɗaya na zinare ya kai kimanin kwantiragi 321.

Wanda ya yi alkawarin saye, ana rubuta shi a ƙarƙashin Long. Wanda ya yi alkawarin sayarwa, a ƙarƙashin Short. Jimillar kwantiragin da ke buɗe kuma ita ce Open Interest. Akwai abu guda da ya kamata ya zauna a kai tun daga nan: kowane kwantiragi yana da mai saye da mai sayarwa. Idan aka haɗa dukkan masu saye a kasuwar, adadinsu daidai yake da na masu sayarwa, babu ƙari babu ragi. Saboda haka rahoton ba zai taɓa cewa "saye ya fi sayarwa yawa" ba. Abin da yake faɗa shi ne wane rukuni ne ke wane ɓangare.

Yaushe yake fitowa, kuma na wace rana ne alkaluman?

Yana fitowa Juma'a da ƙarfe 3:30 na yamma agogon gabashin Amurka, wato 7:30 na dare agogon GMT a lokacin zafinsu, 8:30 a lokacin sanyi. Amma alkaluman na ranar Talata ne bayan tashin kasuwa. Kwana uku ke nan tsakani. Idan hutun gwamnati ya faɗo cikin makon, fitarsa kan zarce zuwa Litinin. An kuma taɓa yin makonni babu rahoto, kamar lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe ayyukanta daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019, da kuma Fabrairun 2023 da aka yi kutse a na'urorin wani kamfani da dillalai ke dogaro da shi wajen tattara bayanai.

Wannan tazara ta kwana uku ba ƙaramar magana ba ce. Babban bankin Amurka yakan sanar da matsayarsa kan kuɗin ruwa ranar Laraba, alkaluman ayyukan yi na wata-wata kuma sukan fito Juma'a da safe. Dukkan biyun suna girgiza zinare, kuma dukkan biyun suna zuwa ne bayan an riga an rufe ƙidayar Talata. A irin wannan mako, rahoton da za ka buɗe daren Juma'a hoton kasuwar da ta riga ta wuce ne.

Na shiga shafin hukumar na tarar da rahotanni kala-kala. Wanne zan buɗe?

Biyu ne suka shafi zinare. Tsohon tsari, Legacy, ya raba mutane gida uku: Commercial, Non-Commercial da Nonreportable. Sabon tsari, Disaggregated, wanda aka fara fitarwa a 2009 da alkaluman da suka koma baya zuwa Yunin 2006, ya raba manyan 'yan kasuwa gida huɗu. Shi ya fi dacewa da mai neman sanin inda masu farautar riba suka karkata. Ka nemi sashen ƙarafa, ka gangara har ka ga kan da aka rubuta GOLD - COMMODITY EXCHANGE INC., mai lamba 088691. Ƙaramin kwantiragin oza 10 yana da nasa layi daban, kada ka haɗa su.

Kowanne kuma yana zuwa iri biyu: Futures Only, da Futures and Options Combined wanda ya haɗa da kwantiragin zaɓi, wato masu ba mutum damar saye ko sayarwa ba tare da tilas ba, bayan an mayar da su zuwa kwatankwacin nauyinsu na kwantiragin gaba. Ba wanda ya fi wani gaskiya. Abin gudu shi ne ka ɗauki na wannan mako daga iri ɗaya, na makon jiya daga ɗaya irin, sai ka ga canjin da bai faru ba. Sau da yawa idan jaridu biyu suka kawo adadi daban a mako guda, asalin saɓanin ke nan.

Su wane ne waɗannan rukunoni huɗu?

Producer/Merchant/Processor/User su ne masu taɓa zinaren da hannunsu: kamfanonin haƙar ma'adinai, matatu, dillalan ƙarfen, masu ƙera kayan ado. Sukan shiga kasuwar don kare kansu daga sauyin farashi. Mai haƙa da zai fito da zinare bayan wata shida yana iya sayar da kwantiragi yau don ya ɗaure farashinsa.

Swap Dealers galibi manyan bankuna ne da ke ƙulla ciniki da abokan hulɗarsu a wajen kasuwar, sannan su zo COMEX su rufe haɗarin da suka ɗauka.

Managed Money su ne waɗanda muke nema: asusun zuba jari da manajojin da ke juya kuɗin wasu, da yawansu masu bin sawun farashi da na'ura. Ba su da ma'adini, ba su da matata, ba sa buƙatar ƙarfen. Riba kawai ta kawo su, kuma da bashi a bayansu, tunda kaso kaɗan na darajar kwantiragin suke ajiyewa a matsayin jingina. Wannan ne ya sa suke saurin shiga, suke saurin gudu.

Other Reportables tarkace ne na duk wani babba da bai shiga ukun farko ba. Sai Nonreportable, wanda ba ƙirga shi ake yi ba, shi ne abin da ya saura bayan an cire manya daga jimilla. A zinare, sai mutum ya riƙe kwantiragi 200 kafin dillalinsa ya kai sunansa gaban hukuma.

Rarrabawar ba ta da tsafta kamar yadda sunayen ke nunawa. Ana sa ɗan kasuwa a rukuni ne bisa babbar sana'arsa, yadda ya bayyana ta a takardar da ake kira Form 40 kuma ma'aikatan hukumar suka tantance. Da zarar an sa shi, duk abin da ya riƙe na zinare can ake zuba shi. Banki zai iya yin caca da farashi a wani lokaci, amma a layin Swap Dealers za ka gan shi.

Mece ce "ragowa" da kowa ke ambata, kuma me ya sa ka ce ba ta isa ba?

Ragowa ita ce saye a cire sayarwa. Idan Managed Money suna da Long 180,000 da Short 60,000, ragowarsu saye ce ta kwantiragi 120,000. Layi na uku da ke gefensu, Spreading, ba ya shiga lissafin, domin shi na wanda ya saya a wani wata ya sayar a wani ne, bai zaɓi ɓangare ba.

Bari mu ɗauki misali, alkaluman na koyarwa ne ba na wani mako na haƙiƙa ba. A Talatar farko, ragowa 120,000 ce kamar yadda muka lissafa, jimillar buɗaɗɗun kwantiragi kuma 500,000. Cikin mako guda farashi ya tashi da kashi 3 cikin ɗari, rahoto na gaba ya nuna ragowa ta koma 147,000. Ƙarin 27,000 ke nan, wato oza miliyan 2.7, kusan tan 84. Kanun labarai za su ce masu zuba jari sun rungumi zinare. To amma akwai hanyoyi biyu mabambanta da za su iya haifar da wannan adadi.

Hanya ta farko: Long ya tashi daga 180,000 zuwa 205,000, Short ya ɗan sauka zuwa 58,000, jimillar buɗaɗɗun kwantiragi ta hau zuwa 530,000. Nan sabon kuɗi ne ya shigo. Mutane sun ajiye jingina sun ɗauki sabon haɗari saboda suna ganin farashi zai ci gaba da hawa, kasuwar kanta kuma ta ƙara girma.

Hanya ta biyu: Long bai motsa sosai ba, 182,000, amma Short ya faɗo daga 60,000 zuwa 35,000, jimilla ta ragu zuwa 478,000. Ragowa dai 147,000 ce, ba ƙari ba ragi. Amma nan ba wanda ya ƙaunaci zinare. Waɗanda suka yi cacar faɗuwarsa ne farashi ya juya musu baya, suka saya dole don su fita kafin asara ta cinye jinginarsu. Sayen tilas ne, kuma yana da iyaka: kwantiragi 35,000 suka rage a hannun masu sayarwa, idan suka ƙare babu sauran mai gudu. Tashin farashi irin wannan yakan yi kaifi, amma idan sababbin masu saye ba su biyo baya ba cikin mako biyu ko uku, sau da yawa yakan huce.

Wanda ya kalli ragowa kaɗai ba zai bambance waɗannan makonni biyu ba. Shi ya sa nake ganin layin Changes, wanda ke nuna canjin kowane shafi daga makon jiya, ya fi layin sama amfani. Ka fara tambayar kanka: wane shafi ne ya motsa, na saye ko na sayarwa?

Haka abin yake idan ragowa ta ragu. Ko dai masu saye ne ke kwashe ribarsu suna fita, ko kuma sababbin masu cacar faɗuwa ne ke shigowa. Na farko yana rage cunkoso. Na biyu yana tara itacen da zai iya kamawa daga baya idan farashi ya juya.

To jimillar buɗaɗɗun kwantiragi fa, koyaushe takan bi wannan tsari?

A'a. Idan mai sayarwa ya saya don ya fita, jimilla tana raguwa ne kawai idan wanda ya sayar masa shi ma fita yake yi. In kuwa sabon mai sayarwa ne ya karɓi wurinsa, kwantiragin hannu kawai ya canja. Don haka jimilla shaida ce mai ƙarfafawa, ba alƙali ba. Bugu da ƙari, watannin da aka fi cinikinsu a zinare su ne Fabrairu, Afrilu, Yuni, Agusta da Disamba. Gab da shigar kowannensu, waɗanda ba sa son karɓar ƙarfen sukan rufe su koma wata na gaba, jimilla da layin Spreading su yi ta hawa da sauka ba tare da ra'ayin kowa ya canja ba. Motsin ƙarshen Janairu, Maris, Mayu, Yuli da Nuwamba sai an yi masa uzuri.

Ta yaya zan san ragowa ta yi yawa?

Adadin shi kaɗai ba ya faɗa. 147,000 yawa ne ko kaɗan? Sai an gwada shi da wani abu. Gwaji na farko shi ne raba shi da jimillar buɗaɗɗun kwantiragi. A misalinmu, makon farko ragowa kashi 24 cikin ɗari ce ta kasuwar. A hanya ta farko ta koma kusan kashi 28, a ta biyu kusan kashi 31. Wannan yana da amfani wajen kwatanta shekaru masu nisa da juna, tunda girman kasuwar kanta yana canjawa.

Gwaji na biyu shi ne duba inda ragowar yau ta tsaya tsakanin mafi ƙanƙantarta da mafi girmanta a wani zango, yawanci shekara uku:

```
(ragowar yau - mafi ƙanƙanta) / (mafi girma - mafi ƙanƙanta) x 100
```

A ce cikin shekara ukun mafi ƙanƙanta ita ce ragowar sayarwa ta 20,000, wato -20,000, mafi girma kuma 220,000. Sai mu sami 167,000 a raba da 240,000, kusan 70. Ma'ana an yi nisa a ɓangaren saye amma da sauran wuri. Da yawa sukan ɗauki sama da 90 a matsayin cunkoson saye, ƙasa da 10 cunkoson sayarwa. Waɗannan iyakoki al'ada ce kawai, ba wata doka ta kasuwa ba, kuma idan ka canja zangon daga shekara uku zuwa ɗaya amsar na iya juyewa gaba ɗaya. Ka zaɓi zango tun kafin ka ga sakamako, ka tsaya a kansa. Wanda ke canja zango har sai ya sami amsar da yake so, kansa yake ruɗi.

Wani abin lura game da zinare: Managed Money kusan kullum a ɓangaren saye suke. Ragowar saye ba labari ba ce. Labari shi ne ta yi girma fiye da kima, ko ta matso kusa da sifiri, ko ta tsallaka ƙasa.

Idan an cunkushe a ɓangaren saye, ai sai in sayar ke nan?

Nan ne mutane suka fi ƙonewa. Hujjar da ke bayan tunanin tana da ma'ana: idan duk mai niyyar saye ya riga ya saya, masu saye na gaba sun yi ƙaranci, kuma ƙaramin labari mara daɗi zai sa jama'a su nufi ƙofa ɗaya. Kwale-kwalen da kowa ya koma gefe guda ba ya buƙatar babbar igiyar ruwa. Sai dai rahoton yana nuna maka yadda aka zauna a cikin kwale-kwalen ne, ba ya faɗin ranar da igiyar za ta zo.

Tarihi ya ba da misalin ɓangarorin biyu. A farkon Yulin 2016, bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ragowar sayen Managed Money ta kai matakin da ba ta taɓa kaiwa ba a lokacin, farashin oza yana wajen dala 1,370. Kafin ƙarshen Disamba ya sauko wajen 1,130. Wanda ya ji tsoron cunkoson ya tsira. Amma a Satumban 2019 an sake cunkushewa haka, farashi yana wajen dala 1,500. Ya ɗan ja baya zuwa wajen 1,450, daga baya ya haura 2,000 a Agustan 2020. Wanda ya sayar a 2019 ya zauna jiran irin faɗuwar 2016, ya sha jira.

Abin da nake yi da cunkoson saye shi ne in ɗauke shi gargaɗi kan girman haɗari. Ba lokacin ƙara kaya ba ne, kuma idan faɗuwa ta zo za ta iya yin sauri fiye da yadda labarin da ya jawo ta ya cancanta. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce saɓani tsakanin matsayi da farashi: saye yana ta ƙaruwa mako bayan mako amma farashi ya ƙi hawa. Wannan na nufin akwai mai sayarwa babba da ke shanye duk abin da aka kawo.

Ɗaya gefen fa, idan suka koma ragowar sayarwa?

Wannan ya fi wuya a gani, kuma a ganina ya fi cancantar kulawa. Tun daga 2006 da alkaluman suka fara, sai a Yulin 2015 Managed Money suka fara tsallakawa ragowar sayarwa a zinare. Farashi yana wajen dala 1,100 a lokacin. Bai juya nan take ba, sai da ya kai wajen 1,050 a Disamba, sannan ya tashi da ƙarfi a watanni shidan farko na 2016. Wata biyar ke nan tsakanin alamar da ƙasan ramin.

Na 2018 ya fi koyarwa. Sun koma ragowar sayarwa a tsakiyar shekara, farashi ya taɓa wajen dala 1,160 a Agusta, amma suka ci gaba da tara sayarwa har Oktoba, inda ta kai mafi girma a tarihin rahoton zuwa lokacin. Abin lura shi ne tsakanin Agusta da Oktoba sayarwa tana ƙaruwa amma farashi ya ƙi yin sabon ƙasa. Saɓanin da muka ambata ke nan, a juye. Da kasuwar hannun jari ta girgiza a Oktoba, zinare ya yi tsalle, masu sayarwa suka fara rige-rigen fita.

Dalilin da ya sa wannan gefen ya fi kaifi shi ne mai cacar faɗuwa dole ya dawo ya saya wata rana, tunda ba shi da ƙarfen da zai miƙa. Kowane kwantiragi a layin Short na Managed Money saye ne da ke jiran ranarsa. Duk da haka, lokutan da hakan ta faru kaɗan ne, ba su kai a gina ƙa'ida a kansu ba.

Na ga bankuna kullum suna da ɗimbin sayarwa. Ba danne farashi suke yi ba?

Ka tuna ragowar dukkan rukunoni idan aka haɗa sifiri ce. Idan masu farautar riba suka sayi kwantiragi dubu ɗari, dole wani ya sayar musu, kuma wannan wanin galibi banki ne ko dillalin ƙarfe. Layinsu kusan inuwar layin Managed Money ne, in wancan ya hau wannan ya sauka. Bankin da ya sayar a COMEX sau da yawa yana riƙe da zinare a London ko wani alkawarin saye a wajen kasuwar, yana cin ɗan bambancin da ke tsakani. Rahoton ƙafa ɗaya kawai yake nuna maka, ɗayar tana inda ba ya gani.

Ba ana cewa ba a taɓa yin maguɗi a kasuwar ba. An hukunta 'yan kasuwa da bankuna kan sanya odar bogi don motsa farashi na ɗan lokaci. Amma wannan wani laifi ne daban, kuma girman layin Short na Swap Dealers ba hujjarsa ba ce. Haka nan maganar cewa su ne "masu wayo" da ya kamata a bi: wanda ke sayarwa don kariya bai ce farashi zai faɗi ba.

Shin masu farautar riba ne ke jan farashi, ko farashi ne ke jansu?

Mafi yawan lokaci farashi ne ke gaba. Kaso mai yawa na Managed Money masu bin sawu ne: farashi ya hau su saya, ya sauka su sayar. Idan ka zana ragowarsu kusa da farashi za ka ga layukan suna tafiya tare, har ka ɗauka ka samo mabuɗi. Amma tafiya tare a mako guda ba hasashen mako mai zuwa ba ne. Makon da farashi ya tashi ragowa ma ta tashi, rahoton bai gaya maka sabon abu ba. Makon da ya cancanci tsayawa shi ne wanda suka rabu.

Me rahoton ba ya gani?

Da yawa. Ba ya ganin kasuwar London, inda ake cinikin zinare kai tsaye tsakanin bankuna kuma girmanta ya kai ko ya fi na COMEX. Ba ya ganin Shanghai. Ba ya ganin asusun da ke riƙe da ƙarfen a rumbu ana cinikin hannun jarinsu, irin GLD, kuma ba ya ganin masu sayen kayan ado da sanduna a Indiya da China.

Babban giɓin shi ne manyan bankunan ƙasashe. Bisa ƙiyasin World Gold Council, ƙungiyar masana'antar zinare ta duniya, sun sayi sama da tan 1,000 a 2022, suka maimaita a 2023 da 2024. Tan dubu ya yi daidai da kwantiragi sama da 320,000, wato saye na shekara guda da ya kai girman cunkoso mafi tsanani da Managed Money suka taɓa yi, har ya ɗara. Kuma su ba da jingina suke saye ba, ba wanda zai kira su ya ce su ƙaro kuɗi ko su fita. A shekarun da irin waɗannan masu saye ke jan ragama, farashi na iya hawa alhali ragowar masu farautar riba tana tsaye ko tana raguwa. Ko a Agustan 2020 da farashi ya haura dala 2,000, ragowarsu ba ta kai ta Fabrairun shekarar ba, domin kuɗin ta asusun masu riƙe da ƙarfe ya fi shigowa.

Idan ka ga haka, kada ka ce rahoton ya yi ƙarya. Ya gaya maka abu mai amfani: ba 'yan bashi ne ke tura farashin ba, ka nemi mai turawar a wani wuri.

Akwai amfani a layin adadin 'yan kasuwa da ke ƙasa?

Akwai, kaɗan. Yana nuna mutum nawa ne ke kowane shafi. Idan saye ya ƙaru da 25,000 amma adadin masu saye bai canja ba, tsofaffin ne suka ƙara kaya. Idan adadin ya ƙaru sosai, ra'ayin ne ke yaɗuwa. Dogon tsarin rahoton, Long Format, yana kuma nuna kason da manyan 'yan kasuwa huɗu da takwas suka riƙe. Na kan leƙa shi ne kawai idan wani canji ya ba ni mamaki.

Mai ciniki na yini ko na awa zai amfana da shi?

Da wuya. Alkaluman da suka kwana uku, masu fitowa sau ɗaya a mako, ba za su gaya maka abin da zai faru kafin azahar ba. Wanda ke riƙe matsayi na makonni ko watanni shi ne rahoton ya fi yi wa magana.

A aikace, me zan yi idan na buɗe shi daren Juma'a?

Ka ajiye jadawali guda mai layi ɗaya ga kowane mako: ranar Talatar, Long da Short na Managed Money, jimillar buɗaɗɗun kwantiragi, da farashin rufewa na wannan Talatar. Na Talata, ba na Juma'a ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, a ɗora matsayin Talata kan farashin Juma'a a fito da alaƙar da babu ita. Shafin hukumar yana da tsofaffin alkaluma na shekara-shekara da za ka sauke ka cika jadawalin baya.

Daga nan ka duba wane shafi ya motsa, ka ga ko jimilla ta goyi bayan fassararka, ka lissafa inda ragowa ta tsaya a zangonka, sannan ka tambayi ko farashin Talata zuwa Talata ya yi abin da irin wannan motsi ya kamata ya haifar. Ƙarshe ka dubi abin da ya faru daga Laraba zuwa Juma'a. Idan farashi ya faɗi da ƙarfi a kwanakin nan uku, wani kaso na cunkoson da kake gani a takarda ya riga ya watse, kuma ba za ka san ko nawa ba ne sai Juma'a mai zuwa. Duk aikin bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma a yawancin makonni abin da za ka rubuta a gefen layin shi ne "ba sabon abu".